Amsoshin Tambayoyinku: Da Me Zan Toshe Ramin Ɓera?

Tambaya: Ina zaune a Gwange, Maiduguri. Tun bayan ambaliyar da ta biyo ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 bangon sitona ya tsattsage, ɓeraye suka samu hanya. Na cusa tsumma, na cusa leda, har katako na buga, duk sun cinye. Wai ƙanƙantar wace kafa ce ke hana ɓera wucewa, kuma da me zan toshe? Daga wata mai sayar da hatsi.

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ƙaramin ɓeran gida yana kutsawa ta kafar da ba ta wuce milimita 6 zuwa 7 ba, wato kaurin fensir. Manyan ɓerayen kwata kuma milimita 12 zuwa 13 ta ishe su. Mutane kan ce ɓera ba shi da ƙashi, amma yana da shi sarai. Gashi ne ke sa a ga kamar yana da ƙiba, kafaɗunsa kuwa sirara ne, ƙirjinsa yana matsewa. Ƙoƙon kansa kaɗai ne ba ya lanƙwasawa, saboda haka duk inda kai ya shige, jiki zai bi. Ki ɗauki fensir ki zagaya siton. Duk inda ya shiga, a ƙarƙashin ƙofa ko gefen bututu ko tsakanin kwano da bango, to ƙofar ɓera ce.

Tsumma da leda ba su taɓa tsare shi ba, kayan shimfiɗa ma kika kai masa. Haƙoransa huɗu na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, kuma fuskarsu tana da tauri ƙwarai, shi ya sa yake cin katako, roba, kwali, katifa, laka, har da siririn alminiyom da simintin da bai gama bushewa ba. Sai dai haƙoran sun lanƙwasa zuwa ciki, dole sai ya sami baki ko gefen da zai kama kafin ya fara gaigaya. Abu mai tauri, shafaffe, marar gefe, shi ke gagarar sa. Katakonki a gefe ya fara cin sa, in kin duba za ki gani.

Mu ɗauki rami mai faɗin yatsu uku a gindin bangon bulo, inda bututun ruwa ya ratsa. Da farko ki cusa takarda ki bar ta kwana biyu. In kin tarar an ture ta, ramin yana aiki, sai ki ɗana tarko na 'yan kwanaki kafin toshewa, don kada ki rufe su a ciki su mutu su dame ki da wari. Bulo yana da rami a cikinsa, ɓera kan bi ta nan ya ɓulla wani ɗakin, don haka a duba bangon ta fuska biyu. Daga nan birkila ya kankare duk abin da ke marmashewa, ya jiƙa wurin, ya dunƙule ragar waya ta ƙarfe mai idon da bai wuce milimita 6 ba ya danna ta ciki sosai. Sai ya kwaɓa siminti awo ɗaya da yashi awo uku ya cike, ya shafe daidai da fuskar bango. A jingina guntun kwano a kai, a riƙa yayyafa ruwa kwana uku zuwa bakwai. Zafin Maiduguri da iskar hunturu suna busar da siminti da wuri ya tsage, tsagar nan kuwa ita ce gefen da ɓera ke nema.

Ƙananan kafofi soson ƙarfe na wanke tukunya yana toshe su, amma shi kaɗai ɓera kan janye shi, damina kuma ta sa ya yi tsatsa ya ruɓe. A lulluɓe shi da siminti, kuma kada a cusa shi kusa da wayar lantarki. Ragar sauro ta taga, ko ta roba ko ta alminiyom, ba ta cikin lissafi. Ƙofar katako kuma a sa mai walda ko kafinta ya naɗe gindinta da farantin ƙarfe mai kauri, tsawon kamar santimita 30, ya sauko da shi har fensir ya kasa shiga tsakaninsa da daɓe.

Bayan an gama, ki barbaɗa toka a gindin bango da dare. In da safe kin ga sawu ko sabon kashi mai laushi, akwai kafar da ta saura, galibi a sama, domin ɓera yana hawa bangon da ba a shafe ba.

Wajen shara ki kiyaye. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa. Kada ki share kashin a bushe ƙura ta tashi. Ki jiƙa shi da ruwan bilic tukuna, ki sa safar hannu ki kwashe, hatsin kuma ki mayar da shi cikin durom na ƙarfe mai murfi.