JANARETAN FETUR KO NA GAS: WANNE YA FI SAUƘI A GONAR KAJI DA KIFI?



Darasinmu na yau a kan janareta ne. Da yawa daga cikinmu idan muka je saye, farashin injin kawai muke dubawa, alhali kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa, kuɗin mai kuwa kullum ne. Abin da nake so mu ɗauka a darasin nan shi ne: ba wanda ya fi wani a ko'ina tsakanin na fetur da na gas, wato man dizal. Abu biyu ne ke yanke hukunci, yawan awannin da injin zai yi yana aiki a rana, da nauyin lodin da zai ɗauka.

ME YA SA NA GAS BAI CIKA SHAN MAI BA?

Injin fetur yana gauraya mai da iska a kabireta, ya tura cikin silinda, fistin ya matse su, sai filogi ya ba da tartsatsi su kama. Ba a iya matse wannan haɗin da yawa, kamar sau takwas zuwa goma ne, don idan aka wuce haka zai kama da kansa kafin lokaci ya lalata injin.

Injin gas ba shi da filogin tartsatsi. Iska zalla yake matsewa, kusan ninki biyu na matsin injin fetur, har ta yi zafi sosai, sannan nozul ya fesa gas a ciki ya kama da kansa. Wannan matsi mai ƙarfi shi ke sa ya fi tatsar aiki daga kowace lita. Ga shi kuma litar gas ta ɗan fi litar fetur ƙarfi tun asali.

Amma wannan matsin ne dai ya sa dole a yi masa jiki mai kauri da famfon mai na musamman. Shi ya sa ya fi nauyi, ya fi ƙara, ya fi tsada a saye da wajen gyara.

A ƙananan janaretoci irin namu, idan lodi ɗaya suka ɗauka, na gas yakan sha wajen kashi biyu cikin uku na litocin da na fetur zai sha. Wato inda na fetur ya sha lita uku, na gas zai sha wajen biyu. To daga nan sai mu sami ma'auni mai sauƙi: muddin farashin gas bai kai ninki ɗaya da rabi na farashin fetur ba, na gas ya fi arahar mai.

Wannan ma'aunin ne ya bayyana abin da ya faru a Najeriya. A 2022 ana sayar da fetur a gidan mai ƙasa da naira 200 saboda tallafi, gas kuwa ya haura naira 700. A lokacin duk ƙarancin shan man injin gas bai isa ya cike wannan tazara ba. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tazarar ta ragu ƙwarai. Saboda haka wanda ya ba ka shawara da lissafin wancan lokacin, shawararsa ta tsufa.

MU YI LISSAFIN GONA ƊAYA

Mu ɗauki mai kiwon tarwada da yake da ɗan wurin ƙyanƙyasa. Yana da sumo mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a bohol, da injin hura iska a tankunan ƙananan kifi, da firiza, da fitilu. Duka idan suna aiki tare suna jan wajen kilowat 3. Yana kunna janareta awa 6 a rana.

Farashin da zan sa misali ne kawai, kai ka sa na garinku a yau. Mu ƙaddara fetur naira 1,000 lita, gas naira 1,200.

Janaretan fetur mai kVA 6.5 a wannan lodin zai sha wajen lita 1.8 a awa. Kuɗin mai ke nan naira 1,800 a awa.

Janaretan gas mai girma kusan ɗaya zai sha wajen lita 1.2 a awa. Kuɗin mai naira 1,440 a awa.

Yanzu sai sabis. Mu ƙaddara duk bayan awa 100 ake juye baƙin mai. Na fetur baƙin mai ne da filogi jefi-jefi, mu sa naira 6,000, wato naira 60 a awa. Na gas ya fi cin baƙin mai, ga filtar gas da ake canzawa, mu sa naira 12,000, wato naira 120 a awa.

Jimilla: na fetur naira 1,860 a awa, na gas naira 1,560 a awa. Bambanci naira 300 a kowace awa. A awa 6 naira 1,800 ke nan a rana, naira 54,000 a wata. Wannan kuɗi ne da zai iya shiga abincin kifi.

Amma kada mu yi saurin murna. Mu ce na gas ya fi na fetur tsada da naira 900,000 a wajen saye. Ka raba 900,000 da 300, zai ba ka awa 3,000. Wato sai injin ya yi aikin awa 3,000 kafin ya maido maka da ƙarin kuɗin da ka biya.

Mai awa 6 a rana zai kai nan a kwana 500, ƙasa da shekara ɗaya da rabi. Mai injin ƙyanƙyasar ƙwai da ke kunnawa awa 10 a rana zai kai a kwana 300. Amma wanda tankuna biyu ne da shi, awa ɗaya yake kunnawa ya ja ruwa ya kashe, sai ya yi kwana 3,000, sama da shekara takwas. Shi wannan ɗan uwan idan ya sayi na gas, ya binne jarinsa ne a ƙarfe, kuɗin da ya kamata ya sa a iri da abinci.

KA AUNA NAKA DA KANKA

Lita 1.8 da 1.2 da na kawo kimantawa ce, injina sun bambanta, tsoho kuma ya fi sabo sha. Aunawa ba wuya. Ka cika tanki har baki, ka kunna, ka ɗora duk lodin da ka saba ɗorawa, ka bar shi awa biyu cif. Ka kashe, ka jira ya huce, sannan ka sake cikawa da gorar da ka san awonta. Litocin da suka shiga ka raba biyu, ka sami abin da yake sha a awa. Idan maƙwabcinka yana da na gas, ka roƙe shi ku yi wannan awon a nasa kafin ka kai kuɗinka kasuwa.

Ka riƙe littafi kana rubuta lokacin kunnawa da kashewa na sati biyu. Idan ba a rubuta ba, mutum yakan yi ƙiyasin awanni ba daidai ba, kuma duk lissafin a kan awannin nan ya tsaya.

GIRMAN INJI DA LODI

Nan ne ake yawan asara ba a sani ba. Janareta yana shan mai ko da ba ka ɗora masa komai ba, don dole ya riƙe gudunsa. Idan ka kunna mai kVA 6.5 don ƙwan fitila goma a ɗakin kaji, yawancin man a juya injin kawai yake tafiya.

Na gas ma ya fi jin jiki da ƙaramin lodi. Idan ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, cikinsa ba ya yin zafin da zai ƙona gas duka. Sai ka ga wani baƙin ruwa mai maiƙo yana fitowa ta salansa, nozul yana toshewa, ƙarfi yana raguwa. Saboda haka ka haɗa ayyukanka a lokaci ɗaya: jan ruwa, firiza da niƙan abinci su tafi tare, injin ya ɗauki rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa.

Kada kuma ka sayi wanda ya yi kaɗan. Sumo yana jan wuta ninki uku ko fiye a daidai lokacin tashi, shi ya sa ake fara tayar da shi kafin a ɗora sauran kaya. Lambar kVA da ke jikin inji kuma ba ita ce kilowat ba. A ƙa'ida ana ninka ta da 0.8, wato kVA 6.5 wajen kilowat 5 ne.

Sannan ba duk na gas ne ɗaya ba. Ƙaramin na gas mai sanyaya da iska yana gudun juyi 3,000 a minti kamar na fetur. Wanda ake yabo da daɗewa shi ne mai juyi 1,500 mai lagireto. Ka duba farantin da ke jikinsa, kada a sayar maka da wancan da sunan wannan.

INDA KOWANNE KE BA DA MATSALA

Na fetur yawanci filogi ne da kabireta. Idan ya kwana biyu a ajiye da mai a ciki, kabireta ta toshe, ya ƙi tashi ko ya riƙa hawa da sauka. Gyaran ba tsada, kuma kusan kowane gari akwai mai yi.

Na gas babban maƙiyinsa ruwa da datti a cikin mai, da gas ɗin da aka gauraya da kananzir. Su ne ke cinye nozul da famfo, kuma gyara ɗaya zai iya haɗiye ribar watanni. Ka sayi gas a inda ka yarda da shi, ka bar shi ya kwanta a jarka kafin ka zuba, kada ka juye na ƙasan. Kada kuma ka bari tanki ya ƙare ƙarƙaf, don iska za ta shiga layin mai, ba zai tashi ba sai an fitar da ita.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi yana nuna lodi ya yi yawa ko filtar iska ta toshe, abin da ke yawan faruwa a lokacin hunturu da kusa da ɗakin kaji saboda ƙura. Shuɗi yana nuna yana ƙona baƙin mai. Fari da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi yana nuna gas ba ya ƙonewa daidai ko ruwa ya shiga.

Kafin ka sayi na gas, ka tabbatar akwai makaniken da ya iya shi kusa da kai. Mai ƙwai a injin ƙyanƙyasa ko 'ya'yan kifi a tanki ba zai iya jiran kwana uku ba. Shi ya sa nake ba masu irin wannan aiki shawara su ajiye ƙaramin na fetur a gefe don ko-ta-kwana.

Kowanne ka saya, ka ajiye shi a waje inda iska ke wucewa, nesa da ɗakin 'yan tsaki da ɗakin kwanan mai gadi. Hayaƙin janareta yana kisa, musamman na fetur, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

A TAƘAICE

Idan aikinka awa ɗaya zuwa biyu ne a rana da ƙaramin lodi, na fetur ya ishe ka. Idan kana yin awa biyar zuwa sama kullum da lodi mai nauyi, kuma gas bai kai ninki ɗaya da rabi na fetur ba, ka zauna ka yi lissafin na gas da farashin garinku. Wanda ke tsakani, littafin awanninsa ne zai raba masa gardama.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka, ya kare mu daga asara. Amin.