Gyaran Saƙon Fushi: Yadda Ake Cire Zargi a Bar Wa'adi Yana Tsaye

Gabatarwa

A zangon karatu da ya gabata an ba mu jingar fassara, mu biyar a rukuni ɗaya, ni ne shugaba. Malam ya ce zai karɓi aikin ranar Juma'a da ƙarfe 12 na rana. Muka raba shi kashi biyar, muka yi alkawarin kowa zai kawo nasa ranar Litinin. Har yammacin Laraba kashi na uku bai zo ba, mai shi kuma yana can Bukuru, ni ina Unguwar Rogo. Wannan maƙala za ta yi nazarin saƙonni uku da na rubuta masa a waya a yammacin nan, waɗanda na ƙarshe kawai na tura.

Saƙo na Farko

"Kai wane irin mutum ne? Tun Litinin ka ce za ka kawo, har yanzu ba ka kawo ba. Kullum haka kake yi. Kai ne za ka ja mana faɗuwa. In ka ga dama ka kawo."

Mai karatu ya ƙirga da kansa. A jimloli biyar, kai da ka da kake sun fito sau tara, wato saƙon duka a kan mutumin yake magana, aikin kuwa ko sunansa ba a ambata ba. Kalmar kullum ta mayar da kuskuren mako guda ya zama hali. Dirkar ne da ke cikin "kai ne" ta ware shi daga sauranmu ta ɗora masa laifin shi kaɗai.

Babban abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk zafin saƙon nan babu wa'adi a cikinsa. Babu rana, babu lokaci. Jimlar ƙarshe ma izini ta ba shi ya kawo sa'ad da ya so. Da na tura, amsar da zan samu ita ce "yaushe na taɓa yi maka haka?", mu kwana muna musu a kan kullum.

Saƙo na Biyu

Da na ɗan huce sai na rubuta wannan:

"Ɗan'uwa, don Allah ka yi haƙuri da damuwa. In ka samu sarari ka ɗan taimaka ka turo mana aikin nan, ko zuwa ƙarshen mako ne."

A nan zargi ya fita, amma ya tafi da wa'adin. Ƙananan kalmomi uku ne suka yi ɓarnar. In ta mayar da wajibi ya koma sharaɗi, ɗan ta rage wa buƙatar nauyi, ko kuma ta buɗe ƙofar ciniki. "Ƙarshen mako" ma na iya zama Asabar, bayan Malam ya rufe karɓa. Kunya da kara ne ke kai mu ga irin wannan rubutu, sai mu tausasa abin da bai kamata a tausasa ba.

Saƙo na Uku

"Barka da yamma ɗan'uwa, ya sanyi? An tsara kashi na uku na jingarmu zai shigo ranar Litinin, yau Laraba bai iso hannuna ba. Malam zai karɓi aikin jibi Juma'a ƙarfe 12 na rana, mai buga takardu kuma yana buƙatar wuni guda. Saboda haka ka turo shi gobe Alhamis kafin ƙarfe 10 na safe. Da ƙarfe 10 za a kai abin da ke hannu wurin bugu. Idan akwai inda ya tsaya, kira ni yau da dare mu duba tare."

Dabarar da ke cikinsa guda ce: abin da ya wuce a faɗe shi ba tare da nuna mai yi ba, abin da ke gaba kuma a faɗe shi da mai yi da rana da lokaci.

Hausa ta tanadar mana hanyoyi biyu na yin na farkon. Ɗaya ita ce lamirin nan da ba ya bayyana mai aiki, wato an da aka da za a, kamar a "an tsara". Ta biyu ita ce a mayar da aikin ya zama shi ne a gaban jimla. Maimakon "ba ka kawo ba" sai na ce "bai iso ba". Aikatau na aji na bakwai a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, masu ƙarewa da wasalin u, suna da amfani a nan. "Aikin bai kammalu ba" da "ba ka kammala aikin ba" labari ɗaya suke bayarwa, amma ta farko ba ta nuna kowa da yatsa. Ba a ɓoye gaskiya ba, domin Litinin da Laraba suna nan a rubuce, shi ma ya iya lissafi.

Idan aka zo kan buƙata kuwa, dole ka ta dawo. Da na ce "a turo shi gobe", musamman a zauren da mu biyar muke, kowa zai ɗauka da wani ake. Sau ɗaya ka ta fito a saƙon, a daidai inda ake son ya yi wani abu. Haka nan jimlar "za a kai abin da ke hannu" ba barazana ba ce, tunda ba ta ce "za ka gani" ba. Ta dai faɗi abin da zai faru, kuma na riga na shirya aikata shi.

Abubuwan Lura

Lamirin an ba kullum yake wanke zargi ba, domin shi ne kuma makamin habaici. "An dai ji kunya" ko "wasu ba su san alkawari ba" sun fi "ka makara" ciwo. Ma'aunin shi ne, idan an tana ba da labarin aiki ta yi daidai, idan tana siffanta hali to zargi ne ya sake riga.

Batun lokaci ma yana son kula a gari irin Jos, inda Hausa ta haɗa Birom da Anaguta da Afizere da Ngas da sauransu, da yawa kuma harshensu na biyu ce. "Bayan La'asar" ba kowa ke auna yini da ita ba, gata da citta ma sukan rikita har 'yan asalin harshen. A rubuta sunan rana da ƙarfe da lambobi. Wanda zai ce in sha Allahu ya faɗa, amma tare da lokacin: "Alhamis ƙarfe 10 in sha Allahu."

Idan wanda ake rubuta wa babba ne, gaisuwa za ta ƙaru, ka ta koma ku, a sa "ranka ya daɗe". Ranar da lokacin kuwa ba sa canjawa.

Kammalawa

A daren ya kira ni. Ashe littafin da zai yi aiki da shi ne bai samu ba, kunyar faɗa kuma ta hana shi magana. Na tura masa hoton shafukan, washegari ƙarfe 9 da rabi ya same ni a shagon bugu da shafi uku rubutun hannu maimakon huɗu. Da su muka miƙa aikin.

Kafin ka tura irin wannan saƙo, rufe gaisuwar da yatsa ka tambayi kanka: wanda bai san zancen ba zai gane me ake so, da yaushe, da abin da zai biyo baya? Ga kuma aikin gwaji, a gyara wannan: "Ke fa ba ki da alkawari, tun yaushe nake jiran kuɗin ƙungiya, ko sai na roƙe ki ne?"