Jituwar wasula a Turkanci: wasalin ƙarshe ne ke da iko

Ina koyar da Turkanci ga ɗalibanmu masu shirin tafiya karatu Turkiyya, da 'yan kasuwa masu zuwa Istanbul sarin kaya. Kusan duk wanda ya zo ajina yakan yi tuntuɓe a wuri ɗaya, wato ɗafa-ƙeyar da ba ta tsayawa a kama ɗaya. Masana harshe na kiran abin jituwar wasula: wasalin ɗafa-ƙeya yana sauyawa don ya dace da wasalin da ya gabace shi.

Bahaushe bai saba da wannan ba. Muna cewa gidana, idona, littafina, "na" ɗin tana nan yadda take. Abin da ya ɗan yi kama da shi a wurinmu shi ne maka, miki, muku, inda wasalin farko ke bin na ƙarshe. A Turkanci kuwa na baya ne ke bin na farko, kuma dokar ta ratsa kusan dukkan ɗafa-ƙeyoyin harshen.

Turkanci na da wasula takwas. Huɗu na gaba ne, domin harshe na matsowa gaban baki wajen furta su: e, i, ö, ü. Huɗu kuma na ƙurya ne: a, ı, o, u. Ku lura da ı marar ɗigo, wasali ne mai zaman kansa, ba i ba ce da aka manta ɗigonta.

Ɗafa-ƙeyar jam'i tana da kama biyu, -ler bayan wasalin gaba, -lar bayan na ƙurya. Ev gida ne, jam'insa evler. Yol hanya ce, jam'inta yollar. Wannan ba shi da wuyar ganewa.

Ɗafa-ƙeyar mallaka, mai ma'anar "nawa", ita ce mai kama huɗu, saboda ban da gaba da ƙurya tana duba ko leɓɓa sun kewaye. Sai a sami evim (gidana), kızım ('yata), yolum (hanyata), gözüm (idona).

To mu ɗauki göz, wato ido, mu bi ta a hankali. Wasalinta ö na gaba ne, kuma ana tsuke leɓɓa wajen furta shi, shi ya sa "idona" ya zama gözüm. Idan muna son "idanu", ö na gaba ne, don haka gözler. Yanzu a ce "idanuna". A nan ɗalibai da yawa sukan rubuta gözlerüm, domin sun riƙe cewa göz tana tafiya da -üm. Kuskure ne. Ɗafa-ƙeyar ba ta hango saiwar kalma daga nesa, maƙwabcinta na kusa kawai take dubawa. Maƙwabcin yanzu shi ne e ta cikin -ler, wadda ba a kewaye leɓɓa a kanta. Daidai shi ne gözlerim. A ƙara "cikin", wadda ke zuwa da -de ko -da, a sami gözlerimde, a cikin idanuna. Haka yol ma za ta bi ta ɓangaren ƙurya: yolum, yollar, yollarım, yollarımda. Wasalin u na yolum ya koma ı da zarar -lar ta shiga tsakani.

Daga irin kuskuren nake gane inda ciwon yake. Wanda ya rubuta gözlerüm, ko kitapler maimakon kitaplar (littattafai), ya san wasulan sarai, wurin dubawa ne ya ɓace masa, kuma gyaransa ba ya cin lokaci. Amma wanda ya rubuta kızler maimakon kızlar, kunnensa ne bai raba ı da i ba tukuna, yana jin wasalin ƙurya kamar na gaba. Wannan ya fi damuna, domin maimaita masa doka ba zai amfane shi ba, sai an zauna da shi ana furtawa yana saurare. Rubuta Turkanci a waya ba tare da haruffan Turkanci ba yana ƙara dagula lamarin, tunda ı da i duk sukan fito iri ɗaya.

Dokar tana da iyakarta. Wasu kalmomin aro daga Larabci suna ɗaukar wasalin gaba ko da wasalinsu na ƙarshe a ne: saat (sa'a ko agogo) jam'inta saatler, harf (harafi) kuma harfler. Waɗannan haddace su ake yi. Akwai kuma ɗafa-ƙeyar da ba ta sauyawa, kamar -yor mai nuna aikin da ake cikin yi. Geliyor na nufin yana zuwa, kuma o ɗinta ce ke jan ragamar abin da zai biyo baya, shi ya sa "ina zuwa" ya zama geliyorum.

Ɗan'uwa mai koyo, ka sa haruffan Turkanci a wayarka tun yau, kuma duk lokacin da za ka liƙa ɗafa-ƙeya, ka ɗora yatsa a kan wasalin ƙarshe na abin da ka riga ka rubuta, ka furta shi da ƙarfi kafin ka zaɓa.