DARASIN NAHAWU: BAR WA FA'ILI SUNANSA

Darasinmu na wannan fitowa yana magana ne a kan wata tambaya da 'yan aji suke yawan yi: tunda da Hausa malam yake bayani, me ya hana ya fassara kalmomin fanni su ma, kowa ya huta? Bari mu ɗauki kalma guda daga littafin Ajuruma, mu ga abin da zai faru in an fassara ta.

Kalmar ita ce fa'ili. In ka duba ma'anarta ta lugga, ai "mai aikatawa" ke nan. To, mu ce ka riƙe wannan fassara ka shiga jarrabawa. Aka ba ka jimlar Ƙama Aliyyun, wato Ali ya tashi. Ka ce Aliyyun ne fa'ili domin shi ya yi aikin, ka kuwa ci. Sai aka ba ka Inkasaral ƙalamu, alƙalami ya karye. Wane aiki alƙalami ya yi? Bai yi komai ba, amma shi ne fa'ili. Aka sake ba ka Ma ƙama Aliyyun, Ali bai tashi ba. Nan ma an kore masa aikin ƙarara, kuma har yanzu fa'ili ne.

Sauran wadda ta fi kayar da ɗalibai: Aliyyun ƙama. Kunnen Bahaushe ya saba da jin mai aiki a farkon magana, saboda haka nan da nan sai ka ce ga fa'ili. Ka faɗi! A yadda ake karantar da mu, Aliyyun a nan mubtada'i ne, fa'ilin kuwa lamiri ne ɓoyayye a cikin ƙama, mai komawa gare shi. Ka ga ke nan fassarar ta cuce ka ta fuska biyu: ta hana ka gane fa'ili inda yake, ta kuma nuna maka shi inda ba ya nan.

Dalili shi ne, kalmar fanni tana da ma'ana biyu, ta lugga da ta isɗilahi, watau wadda masu fannin suka yarda a kanta. A wurin malaman nahawu, fa'ili suna ne mai raf'u wanda fi'ili ya gabace shi, aka jingina masa fi'ilin, ba tare da an sauya ginin fi'ilin zuwa na ɓoye mai aiki ba. Shi ya sa a Kusiral ƙalamu, an karya alƙalami, sunan ya koma na'ibul fa'ili. Duk waɗannan sharuɗɗa suna rataye ne a jikin kalmar fa'ili, "mai aikatawa" kuwa ba ta ɗauke da ko ɗaya.

To, yaya za ka yi in kana yi wa ƙanenka bita? Ka fara faɗin kalmar yadda take a littafi. Ka faɗi ma'anarta ta lugga sau ɗaya tak, don ta zauna masa. Daga nan ka shimfiɗa ma'anar isɗilahi da Hausa mai sauƙi, ka kawo misalin da ya shiga da wanda ya yi kama amma bai shiga ba. Bayan haka kada ka ƙara sauya mata suna. In yau ka ce fa'ili, gobe mai aiki, jibi maigidan jimla, yaro zai ɗauka abu uku ne, kuma ranar da ya buɗe Alfiyya ba zai tarar da ko ɗaya daga sunayen da ka laƙa ba. In da Ajami kake rubutu, ka bar kalmar da baƙaƙenta na Larabci, domin ya iya nemo ta a ƙamus.

Ka kuma yi hattara da kalmar da ta riga ta zama 'yar gida. A makarantar allo, rufu'a sunan wasali ne. Raf'u na nahawu kuwa matsayi ne da kalma take samu a jimla, kuma ba kullum yake bayyana da rufu'a ba. A Ja'al mu'allimuna, malamai sun zo, alamar raf'u wawu ce.

Amma fa abin yana da iyaka. Kalmar da ba ta ɗauke da sharaɗin fanni, kamar ƙofa ko littafi, ka faɗe ta da Hausa. Wanda ya cika bayaninsa da Larabci ba gaira ba dalili, ɗalibi zai haddace sauti ya tashi hannu rabbana.

AIKIN GIDA: Nemo fa'ili, in akwai shi a fili, a Saƙaɗal jidaru, da Aljidaru saƙaɗa, da Futihal babu. Ka rubuta dalilinka da Hausa, ka bar kalmomin fanni yadda suke, ka kai wa malamin ajinku. Allah Ya ƙara basira, amin.