Leƙa Bayan Gida Kafin Ka Zuba Ruwa

Jama'a, da yawanmu ba ma duba launin bayan gida, alhali yana tona asirin ciki. Ruwan ƙasan da aka saba gani daga ruwan matsarmama yake, wanda hanta ke haɗawa.

Idan ka ga kore, tuna ko ka ci zogale ko alayyafo da yawa. Gudawa ma tana kawo shi, domin abinci ya wuce da sauri. Galibi ba abin tsoro ba ne.

Baƙi kuwa iri biyu ne. Mai juna biyu da ke shan maganin ƙarin jini za ta ga ya yi duhu, wannan ba komai. Amma idan ya fito kamar kwalta, da danƙo da mugun wari, wataƙila jini ne ke zuba daga gyambon ciki. A nufi asibiti ranar, musamman in akwai jiri.

Fari-fari kamar farar ƙasa yana nuna wataƙila hanyar matsarmama ta toshe ko hanta ta kamu. Duba ko ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Iyaye mata, in kun ga haka ga jariri, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe, ku kai shi wurin likita da gaggawa.