Darasin Kimiyya: Yadda Kwandala Ke Gyara Zatonmu

Ɗalibai, kafin ku fito daga unguwar Malam Inna zuwa aji gobe, kowa ya nemo tsohuwar kwandalar naira ɗaya, wadda aka fitar a 2007. Gefen da ke ɗauke da hoton Herbert Macaulay za mu kira shi "kai", ɗaya gefen kuma "tambari". Abin da muke nema shi ne p, wato yiwuwar kwandalar ta faɗi a kai idan an cilla ta.

Hanyar da za mu bi ta samo asali daga Thomas Bayes, wanda aka buga aikinsa a 1763, bayan rasuwarsa. Ana fara ta da zaton farko, wanda muke rubutawa Beta(a, b). Ku ɗauki a da b tamkar jifan da muka riga muka gani a zuci: a na kai, b na tambari. Matsakaicin zaton shi ne a/(a+b). Idan muka zaɓi Beta(2, 2), muna cewa kwandalar daidai take, 0.5, amma ba mu kafe a kan haka ba.

To, a ce mun cilla sau 10, kai ya fito sau 7, tambari sau 3. Sai mu ƙara 7 a kan a, 3 a kan b. Sabon zato ya zama Beta(9, 5), matsakaicinsa 9/14, kusan 0.64. Dalilin wannan sauƙi yana cikin ninka zaton farko da yiwuwar jifan da muka gani:

```
p^(a-1) (1-p)^(b-1) × p^7 (1-p)^3 = p^(a+6) (1-p)^(b+2)
```

Siffar lissafin ba ta canza ba, lambobin sama ne kawai suka taru.

Ku lura, 0.64 ta faɗo tsakanin 0.5 ta zatonmu da 0.7 ta jifan. Wanda ya fara da Beta(50, 50), domin ya yarda ƙwarai da kwandalar, zai sami Beta(57, 53), kusan 0.52, jifa goma ba su isa su girgiza shi ba. Sai an cilla sau 100, kai ya fito 70, sannan zai kai Beta(120, 80), wato 0.60. A ganina, ga kwandalar da ba ta lanƙwashe ba, zatonsa ya fi namu dacewa.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙirga jifa sau biyu: ɗalibi ya dubi sakamako ya gina zaton farko da shi, sannan ya sake ƙara shi. Ku rubuta a da b tun kafin jifan farko, ku kuma duba cewa jimlar a+b ta ƙaru da adadin jifa daidai, kamar 4 zuwa 14. Lissafin kuma ya ginu ne a kan cewa p ba ya canzawa, don haka kada a sauya kwandala ko salon cillawa a tsakiya.

Aikin gida: ku fara da Beta(9, 5), ku cilla sau 20, ku kawo mini sabon zatonku gobe.