Yadda Injin Bincike Yake Ba da Amsa Kai Tsaye

Idan ka buɗe Google a wayarka ka rubuta tambaya, abu biyu kan faru. Wani lokaci sai ya jero maka sunayen shafuka, ka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya kana neman amsa da kanka, data tana ƙarewa. Wani lokaci kuma sai amsar ta fito a sama da manyan baƙaƙe. Ka tambayi babban birnin Jihar Jigawa, ya ce maka Dutse, shi ke nan. A wannan darasi za mu ga daga ina gajeriyar amsar nan take fitowa, da kuma lokacin da ya kamata a yarda da ita.

A da, injin bincike kalmomi kawai yake dubawa. In ka rubuta Maigatari, sai ya nemo duk shafin da wannan kalma ta fito a ciki ya kawo maka. Bai san ko Maigatari gari ba ne, ko mutum ne mai riƙe da gatari. Baƙaƙe ya gani, baƙaƙe ya nemo.

A watan Mayu na 2012 kamfanin Google ya fito da wani tsari da ya sa wa suna Knowledge Graph. Mu a nan za mu kira shi ragar bayanai, domin ƙirarsa irin ta raga ce: ƙulli da ƙulli, zare yana haɗa su. Kowane ƙulli abu ne guda da ake da shi a duniya, kamar gari, ko mutum, ko kogi, ko ƙasa. Kowane zare kuma dangantaka ce tsakanin abu biyu. Lokacin da aka fara, kamfanin ya ce ragar tana ɗauke da abubuwa miliyan 500 da bayanai fiye da biliyan 3.5 a kansu.

Kowane bayani a cikin raga gaɓa uku gare shi: abu, da dangantaka, da wani abin. Karanta waɗannan a hankali.

Maigatari, tana cikin, Jihar Jigawa.
Jihar Jigawa, babban birninta, Dutse.
Jihar Jigawa, tana cikin, Najeriya.
Jihar Jigawa, an kafa ta, 27 ga Agusta 1991.

Ka lura, Jihar Jigawa ta fito a duk layukan huɗu, amma a cikin raga ƙulli ɗaya ce tak. Zare huɗu ne suka taɓa ta. Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar su ma kowacce ƙulli ce, kuma kowacce tana da zaren da ya kai ta ga Jigawa ɗin nan dai. Ƙananan hukumomi 27 na jihar duk haka aka ɗaura su.

To, bari mu bi tambaya ɗaya daga farko har ƙarshe. Wani ɗan kasuwa daga Kudu zai zo sayen shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Yana so ya san babban birnin jihar da garin yake. Mai yiwuwa babu shafin da aka rubuta wannan tambaya da amsarta a jimla ɗaya. Raga ba ta bukatar irin wannan shafin.

Da farko injin zai duba tambayar ya gane abin da ake magana a kai, wato Maigatari, ya je ga ƙullinta. Sai ya duba me ake nema game da ita. Ana neman jiharta, don haka zai bi zaren da ake kira "tana cikin", ya isa Jihar Jigawa. Tambayar ba ta ƙare ba, saura babban birni. Daga Jigawa sai ya bi zaren "babban birninta", ya isa Dutse. Taki biyu ya yi, amsa ta fito. Da an tambayi shekarar da aka kafa jihar, takin farko ɗaya ne, a na biyu ne zai bi wani zaren ya isa 1991.

Wannan shi ne duk sirrin. Injin bai yi tunani irin na mutum ba, kuma bai taɓa zuwa Dutse ba. Zare ya bi. In zaren yana nan, amsa za ta fito nan take. In babu shi, sai ya koma tsohon aikinsa na jero shafuka.

Takin farko shi ne mai wuya, wato gane abin da mai tambaya yake nufi, domin suna ɗaya kan hau abu da yawa. Mu mazauna bakin iyaka mun fi kowa sanin wannan. A Turanci, ƙasar Nijar da Jihar Neja da kogin Kwara duk rubutu ɗaya ake musu, Niger. Mutum ya tambayi babban birnin Niger, amsa Yamai ce ko Minna? Dukansu daidai ne, ya danganta da wacce ake nufi. Haka ma Dutse: akwai babban birnin Jigawa, akwai unguwar Dutse a Abuja, ga kuma dutsen da ake niƙa a kai.

Maganin da aka yi wa wannan shi ne a ba kowane ƙulli lamba tasa, wadda ba ya tarayya da kowa a kanta. Akwai wata babbar raga mai suna Wikidata, wadda aka buɗe a watan Oktoba na 2012, kuma kowa yana iya shiga ya duba ta kyauta. A cikinta lambar Najeriya ita ce Q1033, ta ƙasar Nijar kuma Q1032. Dangantaka ma tana da lamba: "babban birni" shi ne P36. Jihar Neja lambarta daban, kogin ma daban. A jikin lamba ɗaya ake rataya sunan abin a harsuna da yawa, Hausa da Turanci da Faransanci da Larabci. Saboda haka Bahaushe ya rubuta Najeriya, Bature ya rubuta Nigeria, ƙulli ɗaya suka taɓa.

Yaya injin yake zaɓar wanda ake nufi? Yana duba sauran kalmomin tambayar. In ka ambaci gwamna, ya fi kusa a ce Jihar Neja kake nufi. In ka ambaci tsawo ko ruwa, kogi ne. Yana kuma duba wurin da kake da abin da yawancin mutane suke nema da wannan suna. Zato ne mai ƙarfi, amma dai zato ne, yana iya kuskure. Shi ya sa gajeriyar tambaya mai cikakken suna ta fi kyau. Rubuta "Gumel Jigawa" ya fi rubuta "Gumel" kawai.

Su waɗannan bayanai, wa ya zuba su? Mutane ne. Google ya fara ne da wata raga mai suna Freebase, wadda ya saya tare da kamfanin da ya gina ta a 2010, ya haɗa da abin da ke cikin Wikipedia da wasu kundaye. Wikidata kuwa 'yan sa kai ne suke cika ta, har da Hausawa masu rubutu a Wikipedia ta Hausa. Abin da mutum ya zuba, shi injin zai faɗa. In an zuba daidai ya faɗi daidai, in an zuba kuskure ya faɗi kuskure da manyan baƙaƙe iri ɗaya, ba tare da wata alama ba. Wannan ne ya fi damuna, domin sabon mai karatu yakan ɗauka duk abin da waya ta nuna a sama gaskiya ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsufan bayani. Kafin Agusta 1991, Gumel da Maigatari a Jihar Kano suke, kuma tsofaffin littattafai haka suka rubuta. Legas ce babban birnin Najeriya har zuwa 12 ga Disamba 1991, lokacin da aka koma Abuja. Muhammad Badaru Abubakar ya yi gwamnan Jigawa daga 2015 zuwa 2023, sannan Umar Namadi ya karɓa ranar 29 ga Mayu 2023. Raga mai kyau ba ta goge tsohon zare. Tana liƙa masa ranar farawa da ranar ƙarewa, don ta iya amsa wa wanda ya tambayi gwamnan 2018 da wanda ya tambayi na yanzu. Amma in ba a sa ranar ƙarewa ba, tsohon bayani zai ci gaba da fitowa kamar na yau. Yawan jama'a ma haka ne: in ka ga adadin mutanen wata ƙaramar hukuma, duba shekarar da ke gefensa, sau da yawa na ƙidayar 2006 ne.

Akwai kuma abin da raga ba ta da shi sam. Farashin bijimi a kasuwar Maigatari yana canjawa daga Alhamis zuwa Alhamis, har daga safe zuwa yamma, kuma ya danganta da girman dabba da lafiyarta da canjin sefa. Wannan ba bayani ne tsayayye da za a ɗaura da zare ba, dillalin da ke cikin kara ne ya san shi. Ƙauyukanmu da yawa ma ba su da ƙulli, ko kuma suna da suna kawai babu zare ko ɗaya. Tambaya da Hausa ma ta fi yawan komawa jerin shafuka fiye da tambaya da Turanci, saboda abin da aka zuba da Hausa bai kai yawan na Turanci ba.

Idan amsa ta fito, kada ka tsaya a manyan baƙaƙe. Karanta ɗan rubutun da ke kusa da sunan, wanda yake faɗin ko gari ne, ko jiha, ko ƙasa, ka tabbata abin da kake nufi ne aka kawo. Duba ko akwai shekara. Wani lokaci kuma za ka ga doguwar jimla da adireshin shafi a ƙasanta. Wannan ba daga raga ta fito ba, tsakure ne aka yanko daga shafin wani, don haka gaskiyarta gaskiyar mai shafin ce. In ka ga kuskure ƙarara, akwai wurin kai ƙorafi kusa da amsar, yawanci an rubuta Feedback, ko kuma ɗigo uku da ake taɓawa.

Aikin gida: ɗauki takarda ka zana da'ira biyar. Rubuta sunan ƙauyenku ko unguwarku a ta farko, ƙaramar hukumarku a ta biyu, sannan Jigawa, da Dutse, da Najeriya. Haɗa su da layi, ka rubuta dangantakar a kan kowane layi. Ka ba abokin karatunka ya yi maka tambaya, ka bi layin da yatsa har ka kai ga amsa. Daga nan ka gwada tambayar a waya, ka zo aji ka faɗa mana ko amsa ta ba ka ko jerin shafuka.